Daga Dam ɗin Tiga zuwa Bakin Tiyo: Lacca kan Matsin Ruwa, Tasowa da Gudu a Bututu

 

Duk wanda ya taɓa ba shuka ruwa da tiyo ya san dabarar nan ta ɗora babban yatsa a bakinsa. Ruwan da yake kwararowa a gindin ƙafa sai ya zabura, ya yi tsiri, ya kai can ƙarshen kwami. Mai tiyon ya ce ruwa ya ƙara ƙarfi. Idonsa bai yi masa ƙarya ba, ruwan ya ƙara gudu. Amma da zai ajiye bokiti ya duba agogo, da ya ga cewa ruwan da ke fita bai ƙaru da ko cokali ɗaya ba, hasali ma raguwa ya yi. Wannan ɗan ruɗani tsakanin gudun ruwa da yawan ruwa yana cin fetur ɗin manoma a kowane rani, kuma warware shi ne aikin wannan lacca. Sai dai kafin a kai bakin tiyo, dole a fara daga inda ruwan yake kwance.

Kogin Kano yana gangarowa daga tuddan kudu, ya ratsa dajin Falgore a yankin Doguwa da Tudun Wada, ya zo ya ci karo da katangar Tiga a ƙasar Bebeji. An gina dam ɗin tsakanin 1971 da 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako. Katangar ƙasa ce, tsawonta ya kai kimanin kilomita 6, tsayinta a wuri mafi zurfi mita 48, kuma an tsara tafkin ya ɗauki ruwa kusan mita kubik biliyan biyu. Shi ne ke shayar da gonakin shinkafa, alkama da tumatir na Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam.

Mutum zai tsaya a kan wannan katanga, ya hangi ruwa iya ganinsa, ya ɗauka cewa faɗin tafkin ne ke danna ta. Ba haka ba ne. Matsin ruwa a kowane wuri ya dogara ne kan zurfin wurin kawai, wato tsayin ruwan da ke samansa. Lissafin kuwa mai sauƙi ne. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. A zana fili a ƙasan tafki mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi. Idan zurfin wurin mita ɗaya ne, ruwan da ke tsaye a kansa lita 1,000 ne, tan ɗaya ke nan. A mita 10, tan 10. A mita 40, kusa da gindin katanga irin ta Tiga, tan 40 ne a kan filin da bai kai shimfiɗar tabarma ba. A littafin makaranta ana rubuta wannan da P = ρgh, inda ρ take nuna nauyin ruwa a kowace mita kubik, g ƙarfin jan ƙasa, h kuma zurfi. Babu harafin faɗi a ciki. Rijiya mai zurfin mita 10 da tafki mai zurfin mita 10 matsinsu ɗaya ne a ƙasa.

Abin da ya bambanta ruwa da buhun masara shi ne, buhu ƙasa kawai yake dannawa, ruwa kuwa yana danna ko'ina: ƙasa, gefe, har da sama. Blaise Pascal, Bafaranshen da ya rayu daga 1623 zuwa 1662, shi ne ya fayyace wannan, shi ya sa ma'aunin matsi ke ɗauke da sunansa. Tan 40 ɗin nan da aka ambata, haka yake tura katangar ta gefe. Dalilin da ya sa ke nan gindin dam yake da kauri ƙwarai, samansa kuma bai wuce faɗin hanyar mota ba. A sama ruwa shafar katanga kawai yake yi, a ƙasa ne ake kokawar.

Katangar ƙasa ba ta hana ruwa tsatsafowa gaba ɗaya, kuma injiniyoyi sun san haka, har hanya suke yi masa. Abin da mai kula da dam yake sa wa ido shi ne launin ruwan da ke tsatsafowa ta bayan katanga. In garau yake, kuma yawansa bai canza ba, hankali a kwance. In ya fara fitowa da laka, to matsi ya samu kafa yana kwashe ƙasar cikin katangar, kuma kafar za ta yi ta faɗaɗa da kanta. Mutanen Bebeji ba sa bukatar a ba su labarin abin da ke biyo bayan ɓallewar katanga. Dam ɗin Bagauda ya ɓalle a watan Agustan 1988 bayan ruwan sama mai yawa, kuma da sauran waɗanda suka ga ɓarnar da idonsu. Wannan darasi ya shafi har ƙananan madatsun da jama'ar ƙauye ke tarewa da kansu don shayar da dabbobi. Wanda ya ƙara wa madatsa tsayi bai ƙara wa gindinta kauri ba, ya ɗora mata kayan da ba a gina ta don su ba, domin in zurfin ruwa ya ninka biyu, jimillar turin da katanga ke sha ninkawa huɗu yake yi.

A cikin gida ma dokar ɗaya ce. Maigida a Kiru ya ga famfon banɗakinsa ba ya zuba da ƙarfi, sai ya sauke tankin lita 1,000 ya ɗora mai lita 5,000 a kan ƙarfen da yake da shi. Ruwan zai daɗe bai ƙare ba, amma ƙarfin famfo kusan yana nan yadda yake. Abin da famfo yake ji shi ne tazarar tsayi tsakaninsa da saman ruwan tanki. Mai son ƙarfi, ƙarfen zai ɗaga.

Daga nan sai tasowa, kuma ba sabon babi ba ne, 'yar matsin ce. A nutsa jarka cikin ruwa. Ƙasanta ya fi samanta zurfi, saboda haka ruwan da ke tura ta sama daga ƙasa ya fi ƙarfin wanda ke danna ta daga sama. Rarar da ke tsakani ita ce ke taso da ita. Archimedes, mutumin Syracuse a tsibirin Sicily, ya gano girman wannan rara tun ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam: daidai take da nauyin ruwan da abin ya ture daga wurinsa. Malaman Musulunci sun ɗauki wannan ilimi suka kai shi nesa. Al-Biruni ya auna nauyin ƙarafa da duwatsu masu daraja ta hanyar ruwan da suke turewa, Al-Khazini kuma a birnin Marw, a ƙarni na 12, ya bayyana wani sikeli da ke tona asirin zinariyar da aka yi wa gauraye.

Jarka mai lita 25, in babu komai a ciki kuma murfinta a ɗaure, za ta iya riƙe kusan kilo 24 a kan ruwa, bayan an cire nauyinta. Duro mai lita 200, in aka ɗauka nauyinsa kilo 20 ne, zai riƙe 180 kafin ya nutse. Masuncin da ke kwanciya a kan gora a bikin kamun kifi na Argungu da wannan lissafin yake aiki, ko da bai taɓa rubuta shi ba.

Inda lissafin ya zama na rai da mutuwa shi ne kwalekwale. A ɗauki wanda filin cikinsa, a daidai inda ruwa ya tsaya masa, ya kai murabba'in mita 6. Duk santimita ɗaya da ya ƙara nutsewa, ya ture lita 60, wato ya samu ikon ɗaukar ƙarin kilo 60. A juya maganar: duk baligi ɗaya da ya shiga, kwalekwalen ya sauka santimita ɗaya. Buhun shinkafa mai kilo 100 ya fi santimita ɗaya da rabi. In tazarar da ke tsakanin ruwa da bakin jirgin santimita 30 ce sa'ad da babu kowa, to mutum 20 za su bar masa 10 kacal, ƙasa da taƙi ɗaya na hannu. A bakin gaɓa, ruwa a kwance, ba a ganin matsala. A tsakiyar tafki iska ta taso, igiya ta watso ruwa ciki, kuma kowace lita da ta shiga ta zama kaya. Jirgin ya ƙara sauka, igiya ta biyu ta samu hanya fiye da ta farko, mutane su firgita su karkata gefe ɗaya. A ƙarshen Nuwamban 2021 jirgin ruwa ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, aka rasa fiye da mutum 20, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Allah Ya jiƙansu. Duk mai fito a Tiga ko wani tafki ya kamata ya ja layin fenti a jikin jirginsa, ya zama in ruwa ya taɓa layin, ko ɗan sarki ne sai ya jira sahu na gaba.

To, yanzu a koma gona, inda ruwan ya daina kwanciya ya fara tafiya.

Ruwa ba ya matsuwa kamar auduga. In bututu a cike yake kuma ba ya yoyo, duk litar da ta shiga ta wannan baki a cikin daƙiƙa ɗaya, dole lita ɗaya ta fita ta wancan a cikin daƙiƙar. Babu inda za ta ɓuya. Saboda haka in hanya ta tsuke, ruwan ba shi da zaɓi sai ya ƙara sauri. Ana rubuta wannan da A₁v₁ = A₂v₂. Harafin A shi ne filin bakin bututu, v kuma gudun ruwa, kuma in an ninka su ana samun yawan ruwan da ke wucewa a daƙiƙa, wato Q = Av. Benedetto Castelli, almajirin Galileo, ya rubuta wannan ƙa'ida a 1628 yana nazarin kogunan Italiya. Wanda ya lura da kogi a damina ya riga ya gan ta: inda ya baje a fili tafiya yake a natse, inda duwatsu suka matse shi kuwa sai ya riƙa ruri.

Tarkon yana cikin kalmar "fili". A kasuwa ana sayar da bututu da faɗin bakinsa, inci biyu, inci uku, sai mai saye ya ɗauka bambancin inci ɗaya ne tak. Amma filin da'ira yana tafiya ne da faɗi sau faɗi. Uku sau uku tara, biyu sau biyu huɗu. Bakin inci uku yana da filin murabba'in santimita 45.6, na inci biyu 20.3. Ƙaramin bai kai rabin babban ba.

Ga misali, da alƙaluman da aka zaɓa don lissafi amma suka yi kama da abin da ake gani a fadama. Manomi a Tudun Wada yana da injin ban-ruwa mai inci uku, irin mai amfani da fetur. Irin waɗannan injuna, in babu abin da ya tare su, suna ba da kimanin lita 1,000 a minti, kuma iyakar tsayin da suke iya tura ruwa bai cika wuce mita 30 ba. A ɗauka nasa mita 28 ne. Gonarsa tana mita 100 daga bakin ruwa, kuma ta fi ruwan tudu da mita 5. Da tiyo mai inci uku, injin zai ba shi wajen lita 10 a daƙiƙa. A raba wannan da filin bakin, za a ga ruwan yana tafiyar mita 2.2 a daƙiƙa.

Tiyon ya tsufa ya fashe. Mai inci biyu ya fi araha, ya fi sauƙin naɗewa da ɗorawa a babur, sai ya saye shi, ya haɗa da mahaɗi mai tsukewa. Da a ce lita 10 ɗin nan za ta ci gaba da wucewa, ƙa'idar ta ce gudun zai tashi zuwa mita 4.9 a daƙiƙa, sau biyu da kwata. A nan ne ɗalibai da yawa ke tsayawa a jarrabawa, kuma amsarsu daidai ce. Amma gona ba ta tsaya a nan ba, domin ƙa'idar ba ta yi alkawarin cewa lita 10 za ta ci gaba da zuwa ba. Abin da ta ce kawai shi ne, ko nawa ne ya shiga, shi zai fita. Wanda ke yanke hukuncin nawa zai shiga shi ne injin, tare da wahalar hanyar da aka ba shi.

Wahalar hanya kuwa ita ce gogayyar ruwa da jikin tiyo. Ana auna ta da mita, kamar wani ƙarin tudu ne da injin zai hau. A tiyon inci uku mai mita 100, lita 10 a daƙiƙa tana cin kimanin mita 6. A na inci biyu, lita 10 ɗin dai za ta ci fiye da mita 40, ninki bakwai da ɗoriya, saboda ruwan ya ƙara gudu kuma bangon ya matso kusa da shi ta ko'ina. Injin da iyakarsa mita 28 ba shi da mita 40 da zai bayar. Abin da zai yi shi ne ya rage ruwan da yake turawa har sai ƙarfinsa ya yi daidai da hanyar, kuma a wannan misali za su daidaita a wajen lita 5.5 a daƙiƙa.

Yanzu a duba abin da manomin zai gani. Lita 5.5 a cikin bakin inci biyu tana gudun mita 2.7 a daƙiƙa, wanda ya fi 2.2 na da. Ruwan yana fita da zafi fiye da jiya, yana faɗawa nesa fiye da jiya, tiyon kuma kusa da inji ya yi tauri kamar sanda. Duk alamomin da ido da hannu ke iya kamawa suna gaya masa ya ci riba, alhali kusan rabin ruwansa ya tafi. In gonar kwatan hekta ce kuma yana son ya kwantar mata da ruwa santimita 5, lita 125,000 yake bukata. Da babban tiyo, awa uku da rabi. Da ƙarami, awa shida da ɗoriya, injin yana kuka yana shan fetur. A yi wannan sau ɗaya ko sau biyu a mako har a girbe, za a ga rarar da aka yi a shagon tiyo ta daɗe da ƙonewa a tankin inji. Abin takaicin shi ne laifin yakan faɗa kan injin, a ce ya gaji, a kai shi wurin makaniki, alhali lafiyarsa ƙalau.

Gane gaskiya ba ya bukatar wata na'ura. Duro mai lita 200 da agogon waya sun isa. A sa bakin tiyo a duro a ƙarshen gona, inda ruwan ke fita a zahiri, a ƙirga. A misalin nan babban tiyo zai cika shi a daƙiƙa 20, ƙarami a 36. Wanda ya yi wannan gwaji a farkon rani ya rubuta a bango, ya samu ma'aunin da zai riƙa komawa gare shi. Ranar da daƙiƙa 20 ta zama 30 ba tare da an canza tiyo ba, to a nemi lanƙwasa, ko toshewa, ko iska da ke shiga ta mahaɗi.

Saura abu ɗaya da ke ba mutane mamaki. A daidai inda bututu ya tsuke, inda ruwa ya fi gudu, matsin raguwa yake yi. Dalilin a fili yake in an yi tunani: ruwa ba zai ƙara sauri ba sai an tura shi daga baya fiye da yadda ake tare shi daga gaba, saboda haka matsi ya fi yawa a faffaɗan wuri, ya ragu a tsukakke. Daniel Bernoulli ya bayyana wannan a 1738. In lita 10 a daƙiƙa ta wuce daga inci uku zuwa inci biyu, matsin yana faɗuwa da kwatankwacin mita ɗaya ta ruwa. Taurin da mai tiyo ke ji sa'ad da ya toshe baki da yatsa a bayan yatsan yake, inda ruwa ya rage tafiya. Famfon feshi na hannu, irin wanda ake fesa maganin sauro da shi a da, da wannan yake aiki: iska mai gudu ta wuce ta bakin siririn bututu, matsi ya faɗi a wurin, maganin ya hau da kansa. Haka ma kafireton injin ban-ruwan yake jawo fetur.

A ɓangaren zuƙa ne wannan faɗuwar matsi ke zama cuta. Inji ba ya jan ruwa da ƙarfinsa yadda ake jan guga. Rage matsi yake yi a cikin tiyon zuƙa, sai nauyin iskar duniya da ke danna saman kogi ko rijiya ya turo ruwan sama. Iskar nan iyakar abin da za ta iya ɗagawa kimanin mita 10 ne, a aikace kuma da wuya a wuce 7 zuwa 8, komai girman injin. Shi ya sa sai an ɗura wa inji ruwa kafin a tayar da shi, don a kori iskar da ke ciki. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, in ji Hausawa, kuma a nan maganar ba ta bukatar fassara. Shi ya sa kuma a watan Maris da Afrilu, in ruwan rijiyar fadama ya ja ƙasa, manoma ke haƙa rami su sauke injin a ciki don su rage masa nisan zuƙa. Dabara ce mai kyau, kuma ta yi daidai da lissafi.

Wanda ya sa tiyon zuƙa ƙarami, ko ya bar ciyawa da leda suka toshe rariyar bakinsa, ya cinye wani kaso na wannan mita 7 da gudu da gogayya. Matsi a bakin farfelar inji zai iya faɗuwa har ruwan ya fara fitar da kumfar tururi alhali da sanyinsa. Kumfar tana shiga inda matsi yake da yawa sai ta fashe a jikin ƙarfe. Alamar ita ce ƙara kamar an zuba tsakuwa a cikin injin, ruwa yana zuwa yana yankewa, kuma in an kwance bayan wasu makonni za a tarar farfelar ta yi ramuka kamar gara ta ci ta. Da an ji wannan ƙara, a rage wutar injin, a share rariyar, a matso da shi kusa da ruwa. Tiyon zuƙa ya zama gajere, mai tauri wanda ba ya lotsawa, kuma kada faɗinsa ya gaza na bakin injin. In kuɗi bai kai a sayi inci uku na mita 100 gaba ɗaya ba, a fara da ɓangaren zuƙa, sannan a shimfiɗa babban tiyon iya inda ya kai, a cike ragowar da ƙarami, domin kowace mita ta ƙarami da aka cire daga hanya tana sauke wa injin gogayyar mita bakwai na babba.